Ƙasar da Rautarka Ke Zaton Tana Ciki

A shafin saitin yawancin rautocin waifai akwai wani ɗan layi da aka rubuta wa `Region` ko `Country`. Mai haɗa maka rauta kan tsallake shi, ya sa suna da lambar sirri, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wasu kuma sun ji a bakin masu gyara cewa idan aka zaɓi Amurka, sigina zai ƙara ƙarfi har ya kai zaure. Duka biyun suna jawo matsalar da ke da wuyar ganewa, domin ba ta hana rauta kunnawa, ba ta kuma sa wata fitila ta yi ja. Sai dai kurum wata na'ura ɗaya a gidan ta daina ganin waifai, alhali sauran suna aiki lafiya lau.

Abin da wannan layi ke yi shi ne zaɓar wa rauta jadawalin dokar da za ta bi. Iskar da saƙon rediyo ke bi dukiyar ƙasa ce, kuma kowace ƙasa tana da hukumar da ke raba ta: NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar, NCA a Gana, FCC a Amurka. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta kasa duniya shiyya uku, ta sa Afirka a shiyya ɗaya da Turai da Gabas ta Tsakiya, shi ya sa ƙa'idojinmu suka fi kusa da na Turai fiye da na Amurka. Rauta ba ta da hanyar sanin inda aka ajiye ta. Abin da aka gaya mata shi take ɗauka. Da zarar ta ɗauka, abu uku ne ke sauyawa: tashoshin da za ta iya hawa, iyakar ƙarfin da za ta fitar, da kuma ko dole ne ta riƙa sauraron rada kafin ta yi magana.

Bai taɓa layin da ke cikin rautar ba. Ba ya buɗe maifai ɗin da kamfani ya kulle, ba ya ƙara saurin datar da ka saya, ba shi ne saitin agogo ba. Tsakanin rauta da na'urorin gida kaɗai aikinsa yake.

Tasha ta 13 da kwamfutar gwanjo

Mu fara da zangon gigahaz 2.4, wanda kusan kowace na'ura ke da shi. An yanka shi tashoshi 14. Tasha ta 1 tana kan megahaz 2412, kowace mai bi mata tana gaba da megahaz 5, har zuwa ta 13 a kan 2472. Ta 14 tana can gefe a 2484, ta Japan ce kaɗai, ita ma da tsohon tsarin waifai. Yawancin duniya, har da ƙasashenmu, suna amfani da 1 zuwa 13. Kayan Amurka suna tsayawa a 11. Dalili shi ne daga megahaz 2483.5 zuwa sama akwai sadarwar tauraron ɗan'adam da dokarsu ta tsananta wa kariya, ta yadda sai an rage ƙarfi sosai kafin a hau 12 da 13. Masu ƙera kaya sai suka gwammace su cire su gaba ɗaya.

Ga yadda wannan ke bayyana a zahiri. Mu ɗauki shagon buga takardu a cikin wata filaza a Kano. Mai shago yana da rauta ƙirar kasuwar Turai, da wayoyi biyu, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo wadda aka shigo da ita daga Amurka, da firinta mai waifai ita ma daga can. An bar `Channel` a kan `Auto`. Wata uku komai na tafiya daidai, domin rautar ta zauna a tasha ta 6. Ran nan aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, rauta ta sake kunnuwa. A lokacin kunnuwa ne take leƙa iska ta ga inda babu cunkoso. Maƙwabta sun cika 1 da 6 da 11, sai ta ga 13 fayau, ta hau. A dokar da aka ba ta ba ta yi laifi ba.

Wayoyin suka haɗu nan take. Kwamfutar kuwa ta nuna waifai na shagon ɗinki da na mai sayar da waya da ke sama, amma na shagon da take ciki ya ɓace daga jerin. Firinta ma shiru. Mai shago zai fara zargin kwamfutar, a kai ta wurin mai gyara, can ta ga waifai ɗinsa ta haɗu, a ce lafiyarta ƙalau. A dawo a zargi rauta, amma ga wayoyi suna aiki da ita. Kwana biyu sai a sake ɗauke wuta, rauta ta koma tasha ta 1, komai ya dawo, kowa ya ce abin ya gyara kansa.

Me ya raba wayoyin da kwamfutar? Waya mai layi tana karanta lambar ƙasa daga turken sadarwa: 621 ga Najeriya, 614 ga Nijar, 620 ga Gana. Da wannan take sanin inda take, ko da daga wace ƙasa aka sayo ta. Kwamfuta da firinta da kyamarar tsaro da talabijin ba su da layi. Wasu suna karɓar ƙasar daga sanarwar da rauta ke watsawa, bisa wani ƙarin ƙa'ida mai suna 802.11d da aka fitar a 2001. Wasu kuwa an dasa musu ƙasar tun daga masana'anta, ba sa sauraron kowa. Irin waɗannan ko leƙa tasha ta 12 da 13 ba sa yi, don haka a wurinsu rautar ba ta nan.

Alamar da ke bambanta wannan ciwo da sauran ita ce sunan waifai ba ya fitowa ko kaɗan a na'ura ɗaya, ko an kawo ta jikin rautar, alhali tana ganin na maƙwabta. Da lambar sirri ce ba daidai ba, sunan zai fito, haɗuwar ce za ta ƙi. Da nisa ne, matsowa zai gyara. Don tabbatarwa, a duba tashar da rautar ke kai. Manhajojin duba waifai na waya suna nunawa, a kwamfuta mai Windows wadda ke ganin rautar kuma ana iya buga wannan:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

A ƙarƙashin sunan kowane waifai za a ga layin `Channel`. Idan 12 ne ko 13, an kama ɓarawon.

Gyaran ba ya buƙatar a yi wa rauta ƙaryar cewa tana Amurka, ko da yake hakan zai ɓoye matsalar tunda zai goge 12 da 13. Abin da ya dace shi ne a shiga shafin saitin, wanda yawanci yake a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, adireshin yana rubuce a gindin rautar. A bar ƙasa a kan ta gaskiya, a cire `Channel` daga `Auto`, a kafa shi a 1 ko 6 ko 11, a sa `Channel Width` a kan megahaz 20. Waɗannan ukun ne ba sa taka juna, saboda kowane waifai yana cin faɗin megahaz 20 alhali tazarar tashoshi 5 ce kacal. Kuma babu na'urar da ba ta san su ba, ko daga ina ta fito. Tasha ta 13 tana da amfaninta ga wanda duk kayansa ke ganinta, amma inda maƙwabci ke kan 11, tazararsu megahaz 10 ce, suna shiga cikin juna, fayau ɗin da rauta ta gani ba cikakke ba ne.

Batun ƙarfi

Yanzu ga maganar da ke sa mutane zaɓar Amurka da gangan. Akwai gaskiya a tushenta. A zangon 2.4, ƙa'idar Turai, wadda ƙasashe da yawa na shiyyarmu ke bin irinta, ta tsayar da ƙarfi a miliwat 100, kuma ana auna shi ne bayan ya fita daga eriya. Amurka ta yarda da wat 1 daga rediyon kansa, sannan eriya ta ninka shi har zuwa wat 4. A takarda, ninki arba'in ke nan.

A gida kuwa lissafin ba haka yake fita ba. Da farko, ƙaramar rautar da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa ba ta da kayan cikin da za su fitar da wat guda. Ko an cire mata takunkumi, abin da za ta ƙara kaɗan ne. Na biyu, nisa ba ya bin ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. A fili fetal, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, a gidan bulo da dakali da ƙofofin ƙarfe kuwa ko hakan ba a samu.

Na ukun shi ne babba, kuma shi aka fi mantawa. Waifai hira ce ta ɓangare biyu. Duk abin da rauta ta aiko, dole waya ta amsa cewa ta karɓa, kuma duk shafin da za ka buɗe, wayarka ce ke fara aika buƙata. Waya tana da ɗan batir da 'yar eriya a ɓoye cikin jikinta, ƙarfinta bai wuce 'yan gomomin miliwat ba, kuma sauya ƙasa a rauta ba ya ƙara mata komai. Kamar mutum ne mai lasifika a wancan ƙetaren kogi: kana jin sa sarai, amma amsarka ba ta isa gare shi. Alamarsa a waya ita ce sandunan waifai su cika, amma saƙo ya tsaya yana juyawa, kiran bidiyo ya riƙa yankewa daga ɓangarenka. Sandunan suna auna abin da waya ke ji ne kawai, ba su san ko ana jin ta ba.

Akwai kuma hasarar da ake ɗora wa wasu. Na'urorin waifai suna jiran juna: idan ɗaya ta ji wata tana magana a tasharta, sai ta dakata. Rauta mai ƙarfin da ya wuce kima tana isa ɗakuna da shaguna da yawa, tana sa nasu jira, ba tare da mai ita ya ƙaru da komai ba. A hostel ko filaza, idan kowa ya yi haka, kowa ya rage wa kowa. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar barin dabarar. Wanda sigina bai kai masa ɗakin baya ba, ya fito da rautar daga bayan talabijin ya ɗaga ta sama a tsakiyar gida, ko ya ja waya ya sa rauta ta biyu a can. Wannan yana gyara ɓangarorin hirar biyu a lokaci guda.

Hukumomi ma ba sa ɗaukar abin da wasa. A 2016 kamfanin TP-Link ya amince ya biya FCC dala 200,000, saboda ya sayar da rautoci a Amurka waɗanda mai saye ke iya sauya musu ƙasa su fitar da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Saboda tsananin dokar can ne rautocin kasuwar Amurka ke zuwa da ƙasa a kulle. Idan ka sayi irinsu a gwanjo ba ka ga layin `Region` ba, ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta.

Zangon 5 da rada

A gigahaz 5 ne bambancin ƙasashe ya fi faɗi. Tashoshin sun kasu rukuni huɗu: 36 zuwa 48, sai 52 zuwa 64, sai 100 zuwa 140, sai 149 zuwa 165. Turai ta buɗe ukun farko sosai, miliwat 200 a na farko da na biyu don cikin gida, wat 1 a na uku, amma ta bar na huɗu da ƙarfi ƙanƙani, har tsofaffin kayan Turai da yawa ba su san shi ba. Sin ta buɗe na huɗu, ta rufe na uku. Don haka abin da ya faru da tasha ta 13 yana faruwa a nan ta fuskoki da yawa: rautar da aka sa wa Birtaniya ta hau tasha ta 100, na'urar kasuwar Sin ba ta gan ta ba, wadda aka sa wa Amurka ta hau 149, talabijin ɗin Turai bai gan ta ba.

Rukuni na biyu da na uku ba na waifai kaɗai ba ne. Tun kafin ya zo, radar hasashen yanayi da ta sojoji suna wurin. A babban taron rediyo na ITU na 2003 aka yarda waifai ya shiga, bisa sharaɗin ya kauce wa rada. Tsarin kaucewar shi ne abin da ake gani a saiti da sunan `DFS`. Kafin rauta ta fara watsawa a irin wannan tasha, sai ta yi shiru na daƙiƙa 60 tana sauraro. A ƙa'idar Turai, tashoshi 120 da 124 da 128, inda radar yanayi take, jiran minti 10 ne. Idan tana cikin aiki ta ji bugun rada, dole ta bar tashar cikin daƙiƙa 10, kuma ba za ta koma ba sai bayan minti 30.

A ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan yana da alama ta musamman. Duk sanda aka dawo da wuta, waifai na 2.4 zai fito nan da nan, na 5 kuwa sai bayan minti ɗaya, wani lokaci goma. Mutane kan ɗauka rautar ta fara mutuwa, alhali jiran da doka ta ɗora mata take yi. Kuma jiran yana da dalili. A 2009 hukumar jiragen saman Amurka ta gano cewa na'urorin intanet na zangon 5 suna dagula radar yanayi ta filin jirgin San Juan a Puerto Rico, irin radar da ke gargaɗin matuƙa game da guguwa lokacin sauka. An sami irin haka a wasu filayen jiragen, kuma a cikin na'urorin da aka kama akwai waɗanda aka sauya musu saiti suka daina sauraron rada. Wanda ke zaɓar wata ƙasa don ya tsere wa jiran minti ɗaya, irin wannan kariyar yake cirewa.

Zaɓar ƙasar gaskiya ma yana da tsadarsa, bai kamata a ɓoye ba. A jadawalin da na'urori masu Linux da OpenWrt suka daɗe suna amfani da shi, Najeriya tana da 1 zuwa 13 a zangon 2.4, amma a zangon 5 rukuni biyu kawai aka rubuta mata: 52 zuwa 64 tare da sauraron rada, da 149 zuwa 165. Mai irin wannan rauta yana zaɓar `NG` sai ya ga tasha ta 36 ta ɓace. Wasu kamfanonin suna da nasu jadawalin da ya ɗan bambanta, kuma jadawalin kan sauya idan an sabunta manhajar rauta, don haka abin dogaro shi ne jerin da rautarka ta nuna bayan ka zaɓi ƙasa. A OpenWrt ana sawa ana kuma dubawa haka:

```
uci set wireless.radio0.country='NG'
uci set wireless.radio1.country='NG'
uci commit wireless
wifi reload
iw reg get
```

Umarnin ƙarshe zai jero kowane zango da iyakar ƙarfinsa. Idan ya nuna `country 00`, rautar ba ta san ƙasarta ba, ta koma kan saitin taka-tsantsan na duniya, mai ƙarancin ƙarfi da ƙarancin tashoshi. A lura da haruffan: `NG` Najeriya, `NE` Nijar, `GH` Gana, `CM` Kamaru, `TD` Chadi, `SD` Sudan. `NI` ta Nikaragua ce.

Daga cikin abin da ya rage sai a zaɓa bisa kayan gida. Tasha ta 149 ba ta da jiran rada, ita ce ta fi sauƙi inda wuta ba ta tsayawa. Idan wata na'urar Turai ba ta gan ta ba, a koma 52 a haƙura da jiran minti ɗaya. Idan akwai wadda ba ta ganin ko ɗaya, a bar ta a zangon 2.4, firinta da kyamara ba sa buƙatar fiye da haka. Inda ƙasarka ba ta cikin jerin sam, kamar yadda kan faru da wasu ƙasashenmu a ƙananan rautoci, zaɓin `Europe` ko wata ƙasa ta shiyyarmu ya fi kusa da daidai fiye da Amurka, sannan a kafa tasha da hannu.

Masu eriya a kan rufi

Inda saitin ƙasa ya fi nauyi shi ne wurin masu harba intanet daga gini zuwa gini, makaranta zuwa reshenta, ko unguwa zuwa unguwa, da na'urori irin na MikroTik da Ubiquiti. A nan eriya ce ke sauya lissafi. Ana auna ƙarfi da ma'aunin `dBm`: 20 daidai yake da miliwat 100, 30 wat 1 ne, kuma kowane ƙarin 3 ninki biyu ne. Ƙarfin eriya, wanda ake rubutawa da `dBi`, ana tara shi ne a kan na rediyo. Rediyo mai 20 da aka ɗaura wa faranti mai 23 yana fitar da 43, wato wat 20 a saitin da farantin ya fuskanta. Idan iyakar da jadawalin ƙasar ya sa 30 ce, dole rediyon ya sauko zuwa 7.

Na'urar za ta yi wannan ragin da kanta, amma sai an gaya mata abu biyu na gaskiya: ƙasar da take, da ƙarfin eriyar da aka ɗaura mata. A MikroTik, `country` da `antenna-gain` ke nan, tare da barin `frequency-mode` a kan `regulatory-domain`. Mai sa `antenna-gain` a sifili alhali faranti ne a sama ya wuce iyakar ƙarfin da doka ta sa, mai zaɓar `superchannel` don ya sami tashar da ba kowa kuwa yana iya fita daga zangon da aka bar wa jama'a ya shiga wanda wani ya biya lasisi ko wanda rada ke kai, kuma daga saman bene saƙonsa yana tafiya kilomitoci. Ƙarshen hanyar biyu kuma dole su zama a ƙasa ɗaya. Idan na wannan gini yana `nigeria`, na wancan yana wata ƙasa, hanyar za ta yi aiki muddin suna kan tashar da jadawalan biyu suka yi tarayya a kai, ta yanke ranar da babbar na'urar ta koma wadda ɗayar ba ta da ita. Tunda ta wannan hanyar ake shiga na'urar da ke can nesa, sai an je har can da kwamfuta da waya kafin a gyara. Shi ya sa idan za a sauya ƙasa ko tasha a irin wannan haɗi, ana fara sauya na nesa, sannan na kusa.